Yadda sidi 41,500 suka ɓace a shagon Kawuna, alhali littafi bai nuna giɓin ko sisi ba

A ƙarshen watan Fabrairun 2023, bayan sallar isha'i, Kawuna ya aiko a kira ni gidansa da ke Nima. Na same shi zaune a kan buzu, da littattafan shago guda huɗu a gabansa cikin leda.

"Ɗan nan, kai ne ka yi karatun lissafi. Duba min. Kasuwa tana tafiya, kaya suna fita, amma in na tashi yin oda sai in ga ba kuɗi. Ko dai idona ne ya fara mutuwa?"

Shagon Kawu yana Tip Toe Lane, layin 'yan waya da ke gefen shataletalen Kwame Nkrumah a birnin Accra, wurin da kowa ke kira Circle. Duk wanda ya taɓa bi ta wurin ya san yadda yake: torotoro na ta ɗiban fasinja, masu tebur sun cika bakin hanya, kowa na miƙo maka waya ko caja. Kawu ɗan sari ne. Yana kawo ƙananan wayoyi da caja da batir da gilashin waya, ya ba masu tebur bashi, su sayar su kawo kuɗi cikin mako ɗaya ko kwana goma. A lokacin yana da irin waɗannan abokan ciniki 23.

Na kwana biyu ina tara lambobi, ban sami kuskure ko ɗaya ba. Abin da littafi ya ce an karɓa a kowace rana, shi ne daidai abin da aka damƙa wa Kawu da yamma. Shi ma abin da yake dubawa ke nan shekara da shekaru: ya ƙirga kuɗi, ya kalli jimlar ranar, in sun yi daidai ya ce alhamdulillahi ya rufe shago. Wannan dubawar tana kama wanda ya rubuta kuɗi sannan ya ɗauke. Ba ta ganin wanda ya ɗauke kuɗin tun kafin su shiga littafi.

Lambar da ta fara ba ni tsoro

A rana ta uku na daina tara lambobi, na yi wa littafin wata tambaya dabam: kwana nawa kuɗin Kawu ke yi a hannun mutane kafin su dawo?

Lissafin ba shi da wuya. Ka ɗauki jimlar bashin da ake bin mutane a ƙarshen wata, ka raba da jimlar kayan da aka bayar bashi a watan, ka ninka da 30. Kawu yana fitar da kayan bashi na kusan sidi 120,000 duk wata, kuma wannan adadi bai motsa sosai ba a tsawon shekarar, domin farashi ya hau amma yawan kayan da ke fita ya ragu. A ƙarshen Mayun 2022 ana bin mutane sidi 40,000, wato kwana 10. A Agusta bashin ya kai 52,000, kwana 13. A Nuwamba 68,000, kwana 17. A Fabrairun da nake zaune da littafin ya kai 82,000, kwana 20 da rabi.

Da na nuna wa Kawu sai ya ce, "To ai kowa ya san wannan. Gari ya yi zafi, mutane ba sa biya da wuri." Kuma yana da hujja. A Disambar 2022 hauhawar farashi a Ghana ta kai kashi 54.1 cikin 100, sidi ya sha ƙasa a gaban dala, kowa na kuka. A shekara irin wannan, duk giɓin da ya bayyana a shago akwai wanda za a ɗora wa laifi a shirye, wato kasuwa.

Abin da ya hana ni yarda shi ne yanayin jinkirin. In kasuwa ce ta lalace, za ka ga mutum biyu ko uku sun maƙale gaba ɗaya, wasu suna biya rabi-rabi, masu ƙarfi kuma suna biya kamar da. A littafin Kawu ba wanda ya maƙale. Kowa yana biya, amma kusan kowa ya koma biya a makare, har da wani dattijo da Kawu ya ce a shekara goma bai taɓa kai Juma'a biyu da kuɗinsa ba. Sannan biyan ya koma gutsi-gutsi. Mutumin da ya ɗauki kayan 3,500, wanda a da yake kawo 3,500 cif, yanzu sai ka ga an rubuta masa 500 yau, 3,000 bayan kwana biyar.

Rufa-rufa da kuɗin wani

Masu binciken littattafai sun daɗe da sanin wannan salon. Ni rufa-rufa nake ce masa, domin ana toshe ramin wani ne da kuɗin wani.

A ce mai tebur na farko ya kawo sidi 3,000 ranar Litinin. Mai karɓa ya sa a aljihu, bai rubuta ba. Ranar Alhamis na biyu ya kawo 3,500. Sai a rubuta 3,000 da sunan na farko, 500 da sunan na biyu. Yanzu na farko ya fita, ramin ya koma kan na biyu. Mako mai zuwa na uku ya kawo 4,000, sai a ba na biyu 3,000, a bar wa na uku 1,000. Duk yamma abin da ke rubuce ya yi daidai da abin da ke cikin akwati. Ba a ƙirƙiri sunan kowa ba, ba a goge komai ba. Ramin 3,000 yana nan, yawo kawai yake daga suna zuwa suna, kuma duk lokacin da aka ƙara ɗauka sai ya faɗaɗa, ya buƙaci mutane da yawa kafin a rufe shi. Shi ya sa kwanakin bashi suke ta ƙaruwa.

Wannan aiki ba ya yiwuwa sai mutum ɗaya ne ke karɓar kuɗi, shi ke rubuta littafi, shi ne kuma ke zuwa tunatar da masu bashi. A shagon Kawu duk ukun suna hannun yaro ɗaya, ɗan aminin Kawu ne daga arewacin Ghana, wanda aka kawo masa yana ɗan shekara 17, ya shekara bakwai a shagon. Ba zan ambaci sunansa ba. Yaya yake ce min, kuma shi ne ya fi kowa ɗawainiya a bikina.

Na ɗauko littafin rasit, irin mai takardar kabon a tsakani. Lambobin shafuka sun cika, ba a yage ko ɗaya ba. Amma da na kara su a fitila sai na ga kofi da yawa ba shuɗin kabon ba ne, rubutun biro ne kai tsaye. Ma'ana an sa kwali a tsakani lokacin rubuta wa mai biya nasa, kofin ya fito fari, daga baya aka cike shi da wata rana da wani adadi. Na ƙirga irin waɗannan har 61, na farkonsu a watan Yunin 2022.

Wannan watan ba banza ba. A ranar 1 ga Mayun 2022 gwamnati ta fara cire harajin tura kuɗi ta waya na kashi 1.5 cikin 100, wanda aka rage zuwa kashi 1 a Janairun 2023, aka soke shi a 2025. Kafin harajin, yawancin masu bashin Kawu ta momo suke biya, saƙo ya shigo wayar Kawu da suna da lokaci da adadi. Kawu bai sani ba, amma wayar nan ita ce mai gadinsa. Da haraji ya zo sai mutane suka ce su ba za a yanke musu ko kwabo ba, suka koma kawo tsabar kuɗi a hannu. Shaidar da ba ta bi ta hannun yaron ba ta ɓace, kuma ba wanda ya lura cewa an buɗe wata ƙofa.

Duwatsun murhu uku

A 1953 wani masanin halayyar masu laifi ɗan Amurka, Donald Cressey, ya wallafa littafi mai suna Other People's Money, bayan ya tattauna da fursunoni sama da 100 da aka ɗaure saboda cin amanar dukiyar da aka damƙa musu. Bai damu da ɓarayin da suka shiga aiki da niyyar sata ba. Waɗanda ya zaɓa mutane ne da suka karɓi amana da zuciya ɗaya, daga baya suka ci. Ya gano abu uku da ke haɗuwa kafin hakan ta faru: matsin da mutum yake jin ba zai iya gaya wa kowa ba, damar da zai warware matsin a ɓoye ta hanyar amanar da ke hannunsa, da hujjar da zai ba zuciyarsa don kada ya ga kansa a matsayin ɓarawo. Daga baya masana suka zana abin a siffar alwatika, kuma da haka ake koyar da shi a darasin binciken kuɗi. Ni duwatsun murhu nake tunawa, tukunya ba ta zama a kan biyu.

Dama na riga na gan ta a littafi. Sauran biyun ba a rubuta su a littafin shago, sai da bakin yaron na ji su. Amma kafin in kai can sai da na kusa zaluntar wani.

Akwai yaro na biyu a shagon, mai ɗauko kaya daga sito. A watan Oktoba ya sayi babur sabo. Kawu da kansa ya ce, "In akwai ɓarawo a shagon nan, to ga shi can." Gaskiya ne cewa rayuwar da ta fi ƙarfin samu tana kan gaba a alamomin da ƙungiyar masu binciken zamba ta ACFE ke lissafawa a rahotanninta. Amma alama dalilin yin tambaya ce kawai. Da muka bincika, kwasar adashe ya yi, 'yar'uwarsa ta cika masa, kuma bai taɓa riƙe littafi ko karɓar kuɗin bashi ba. Ba shi da hanyar da zai yi abin da na gani. Shi kuwa wanda ya yi, takalminsa ɗaya ne tun bara.

Alamar da ke jikinsa wata ce dabam, kuma a idon Kawu abin yabo ce. Ba ya hutu. Ko zazzaɓi yake yi sai ya zo. Da mahaifinsa ya kwanta asibiti, ranar Asabar da dare ya tafi, ya dawo Litinin da asuba. In Kawu ya ce zai leƙa wajen wani mai bashi sai ya ce, "Alhaji zauna ka huta, ni zan je." Mai rufa-rufa ba zai iya barin littafi a hannun wani ko na kwana uku ba, domin duk wanda ya zauna a kujerar ya rubuta biyan kowa da sunansa, a cikin mako wani zai zo ya ce shi ya biya tuntuni.

Tambayar da ba a faɗin amsarta

Hanyar tabbatarwa ɗaya ce, a tsallake littafi a je wurin masu bashin. Ranar wata Asabar Kawu ya aiki yaron Tema karɓo kaya, ni da shi muka zaga tebur-tebur. Na roƙi Kawu abu ɗaya, kada ya faɗi adadin da ke littafi. In ka ce wa mutum "ana binka 6,200 ko?", wani zai ce e don kunya, wani don bai riƙe lissafi ba. Ka ce masa, "Nawa ne saura tsakaninmu?", sannan ka nemi ganin rasit ɗinsa na ƙarshe.

A cikin mutum 23, tara ne kawai bakinsu ya zo ɗaya da littafi. Dattijon nan da na ambata ya buɗe wata tsohuwar jaka ya zaro rasit ɗinsa a ɗaure da roba, ya ce, "Alhaji, ni da kai sai alheri. Tun ranar Talata na biya." Littafi na cewa ana binsa 5,400.

Jimlar abin da mutane suka amsa ta kama sidi 39,700, littafi kuma na cewa 82,000, bambanci 42,300. Ba duka ne na yaron ba. Mutum ɗaya ya ce ya biya 800, ba rasit, kuma da aka matsa ya ce ya tuna bai biya ba. Masu bashi ma suna mantuwa, wasu da gangan, shi ya sa ba a karɓar baki sai da takarda ko saƙon waya. Da aka cire wannan, giɓin ya tsaya a 41,500. Bashin gaskiya 40,500 ne, kusan inda yake tun watan Mayu. Kasuwar da ake ta zagi ba ta riƙe wa Kawu komai ba.

"Yaya, aro na yi"

A ɗakin Kawu muka zauna da shi mu uku, ƙofa a rufe. Ban ce masa ɓarawo ba. Na ajiye rasit ɗin dattijon kusa da kofinsa na littafi, na ce ya bayyana min bambancin. Ya daɗe yana kallonsu, sannan ya sa hannu a aljihu ya fito da wani ƙaramin littafin makaranta. A shafin baya ya rubuta duk abin da ya ɗauka, da rana da adadi: 43,000. A ƙasa kuma abin da ya mayar, 1,000 sau ɗaya, 500 sau ɗaya, duk a watannin farko.

"Yaya, wallahi aro na yi. Ga shi ina rubutawa. Ɓarawo yana rubutawa ne?"

Wannan ita ce hujjar da Cressey ya fi ji daga bakin fursunoninsa, cewa aro ne za a mayar. Kuma ba bayan an kama mutum yake ƙirƙiro ta ba, da ita yake ɗaukar na farko.

Matsin ya fara ne daga haya. Mai gidan da yake zaune a Maamobi ya ƙara kuɗin ɗaki zuwa sidi 450 a wata, ya ce shekara biyu yake so a dunƙule, wato 10,800. Dokar haya ta Ghana ta 1963 ba ta yarda a karɓi fiye da wata shida gaba ba, amma duk mazaunin Accra ya san ba da ita ake kama ɗaki ba. Yana da 7,800, saura 3,000. Bayan haka rashin lafiyar mahaifinsa ta ci kusan 9,000. Ragowar kuwa cacar ƙwallo ta waya ce ta cinye, wadda ya shiga da tunanin zai ci sau ɗaya ya toshe ramin kowa bai sani ba.

Kawu ya ce, "Dubu uku? Don dubu uku? Me ya hana ka tambaye ni?"

Ya ce, "Alhaji, watan da ya wuce kafin nan na ji kana cewa wane ya cika roƙo. Kuma kowa a gida yana ganin ni ne na samu wuri."

A nan ne na fahimci abin da Cressey yake nufi da matsin da ba a iya faɗa. Girman kuɗin ba shi ne ma'auni ba, kunyar faɗa ce. Da ya ƙara magana sai hujja ta biyu ta fito, wadda ta fi ta farko nauyi. Shekara bakwai ba shi da tsayayyen albashi, sai kuɗin abinci da abin da Kawu ya ga dama ya ba shi, da alƙawarin za a sallame shi da jari wata rana, ba a sa lokaci ba, ba a faɗi adadi ba. Bai ce haƙƙinsa ya ɗauka ba, amma ya ce, "Na ɗauka ko an gane, a cikin sallamata za a cire." A ganina wannan tsari namu na yaron shago, da ba a rubuta komai, yana tara wa mutum hujja a zuci kowace shekara, kuma maigida ba ya ganin ta domin shi a wurinsa ɗa ya riƙe.

Abin da aka canza

Dokar laifuka ta Ghana ta 1960 ta tanadi hukunci kan sata da kuma ɓata littattafan lissafi, kuma takardun da ke hannunmu sun isa a kai ƙara. Kawu ya ƙi. Ya ce ba zai iya kallon amininsa a gadon asibiti ya gaya masa ya ɗaure ɗansa ba. Aka kira limamin unguwa da baffan yaron, aka rubuta yarjejeniya: ya koma teburin gyaran waya inda ba ya taɓa kuɗi, a yanka masa albashi, a riƙa cire 1,200 duk wata. Wata 35 ke nan kafin ya gama, kuma na gaya wa Kawu a gaban kowa cewa kuɗin da za su dawo ba za su sayi kayan da suka saya a 2022 ba.

Matsi da hujja suna cikin ƙirjin mutum, maigida ba ya iya ƙirga su. Dama ce kaɗai ke hannunsa, don haka a kanta muka yi aiki. Ƙaramin shago ba shi da ma'aikatan da za a raba wa aiki kamar banki, amma mutum biyu sun isa: wanda ya karɓi kuɗi ba shi ke rubuta littafin bashi ba. 'Yar Kawu ce ke rubutawa yanzu, daga kofin rasit, kuma duk kofin da ba na kabon ba ne ba ta shigar da shi. An buɗe lambar momo ta 'yan kasuwa da sunan shago, an manna ta a bango, an gaya wa kowa cewa kuɗin da aka tura wata lamba ba su iso ba. Duk ƙarshen wata ina lissafa kwanakin bashi, aikin minti biyar. In suka haura 12 wata biyu a jere, za mu sake zagaye.

Wannan ma yana da iyaka. In mai karɓa da mai rubutawa suka haɗa baki, rabon aiki ya tashi a banza. Kuma duk abin da na lissafa bashi kawai yake karewa. Wanda ke fitar da kaya daga sito ya sayar a gefe, ko ya sayar a 250 ya rubuta 220, ba zai bayyana a kwanakin bashi ba, sai an ƙirga kaya an kwatanta ribar wata da ta watannin baya. Rahoton ACFE na 2024 ya ce kashi 43 cikin 100 na zambar da aka bankaɗo a wuraren aiki ta hanyar tsegumin wani aka gano ta, kuma yawanci tana kai wata 12 kafin a farga. Namu ya yi wata tara. Daga baya yaron sito ya ce min ya taɓa jin wani mai tebur yana faɗa a kan an sake tambayarsa kuɗin da ya biya, amma ya yi shiru, don a cewarsa wa zai yarda da shi a kan ɗan gida.

Kawu har yau ba ya karanta littafin. Abin da ya ɗauka wa kansa shi ne duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya kira mutum uku cikin masu bashinsa, ba ya gaya wa kowa su wa zai kira, su gaisa, ya tambayi iyali, sannan ya ce, "Nawa ne saura tsakaninmu?" Maganar sallamar yaron kuwa, na tayar da ita sau biyu, Kawu ya ce a bari ya gama biya tukuna.